Rodi tsakanin bango biyu: wanne bango ne ya fi shan nauyi?

"Salam Injiniya, dan Allah ka taimaka min. Ni ɗalibi ne a Kadpoly, an ba mu asainment na rodin ƙarfe da aka kafe tsakanin bango biyu da ba sa motsi, sannan aka tura shi da lodi P a wani wuri a jikinsa, ta tsawonsa. Na yi ΣF = 0 ya ba ni ikweshin ɗaya, na ɗauki momen ya ba ni sifili daidai da sifili. Abokina ya ce in raba P biyu kawai kowane bango ya ɗau rabi. Haka ne? In ba haka ba ina zan samo ikweshin na biyu?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin naka zai ci maki ne kawai in lodin ya faɗo a tsakiyar rodin cif, kuma kaurin rodin ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ƙarfen ma iri ɗaya. Da zarar ɗaya daga cikin ukun nan ya kauce toh rabin nan nasa ya tashi aiki. Kai kuma ba ka yi kuskure ba da momen ɗinka ya ba ka sifili, ai dole ya ba ka, tunda P da abin da bangon hagu ke mayarwa da abin da na dama ke mayarwa duk a kan layi ɗaya suke kwance, babu mai hannun da zai juya wani abu. Shi ya sa ake kiran irin wannan indetaminet, wato dokar daidaiton ƙarfi ita kaɗai ba za ta raba maka gardamar ba. A ce P ɗin 60 ne, ko 30 da 30 ka ce, ko 59 da 1, duk jimla za ta ba ka 60 kuma dokar ba za ta ce uffan ba.

Ikweshin na biyu ba a cikin ƙarfin yake ba, a cikin tsawon rodin yake. Ƙarfe yana miƙewa in an ja shi yana kuma takurewa in an danne shi, kaɗan ne sosai ido ba ya gani amma yana nan. Su kuma bangon nan biyu an ce maka ba sa motsi, ma'ana tazarar da ke tsakaninsu kafin a sa lodi ita ce bayan an sa. Saboda haka duk abin da ɓangare ɗaya na rodin ya ƙaru da shi, dole ɗaya ɓangaren ya ragu da daidai shi, in ba haka ba sai dai rodin ya huda bango ko ya rabu da shi. Shi ke nan fa ikweshin ɗin da kake nema, sauran duk saka lambobi ne.

Mu saka lambobi a gani

Ka ɗauki rodi mai kauri mm 20, faɗin bakinsa in ka yanke shi A = 314 mm², ƙarfe ne na yau da kullum don haka E = 200,000 N/mm². Bangon hagu mu kira shi A, na dama B, tsakaninsu mm 1200. A wani wuri C, mm 400 daga bangon hagu, an yi waldar wani zobe a jikin rodin ana tura zoben da kN 60 zuwa dama. Kenan daga C zuwa bangon dama saura mm 800.

Kafin ka taɓa kalkuleta ka tsaya ka kalli abin da idon zuci. Zoben yana so ya tafi dama. Guntun da ke bayansa, AC, jansa ake yi, zai miƙe. Dogon da ke gabansa, CB, danna shi ake yi a jikin bango, zai takure. Bangon A yana riƙe rodin yana jansa hagu, bangon B yana tokare shi yana tura shi hagu, su biyun duk hagu suke fuskanta tunda P dama ya nufa. Wannan ɗan tsayawar ita ke hana mutum rikicewa da filos da mainos daga baya.

Na farko wanda ka riga ka samu:

R_A + R_B = 60 kN

Na biyu, miƙewar AC daidai take da takurewar CB, kuma kowanne ana samunsa da δ = FL/AE:

R_A × 400 / AE = R_B × 800 / AE

AE ɗin yana hagu yana dama sai ya fice, ya bar ka da R_A = 2R_B. Mayar da shi cikin na farko, 3R_B = 60, kenan R_B = 20 kN, R_A kuma 40 kN. Ka ga bangon da lodin ya fi kusa da shi ya kwashi kashi biyu cikin uku. In da harufa lakcara ɗinku yake so, a ce AC shi ne a, CB shi ne b, duka tsawon L:

R_A = Pb/L
R_B = Pa/L

Lura da yadda suka yi musaya, R_A da b yake tafiya ba da a ba. Yara da yawa a nan suke juya shi. Hanyar gane ka juya mai sauƙi ce, ka matso da lodin har ya manne da bangon A, wato a ya koma sifili, hankali ya ce A ne zai ɗauke duka, fomularka ma dole ta faɗi haka.

Yanzu nawa zoben ya motsa? Ta ɓangaren hagu: 40,000 × 400 / (314 × 200,000), ya ba da kusan mm 0.255. Ta ɓangaren dama: 20,000 × 800 a kan wancan AE ɗin dai, 0.255 ya sake fitowa. Kullum ka yi su biyun, in ba su haɗu ba akwai matsala a wani wuri kuma ka kama ta tun kafin mai maki ya kama. Nauyin da kowane mm² ke ɗauka kuwa, a AC 40,000/314 wato wajen 127 MPa na ja, a CB wajen 64 MPa na danna. Ƙarfe mai laushi irin na gini yana fara sallamawa ne a wajen 250 MPa, don haka muna cikin yankin da δ = FL/AE ke aiki.

Wani abu da nake so ka kiyaye. Wannan Pb/L ɗin za ka ga ya yi kama da na mutum biyu da suka rataya buhu a sanda suka saɓa a kafaɗa, wanda buhun ya fi kusa da shi ya fi jin jiki. Amsar ce ta zo ɗaya amma dalilin daban ne gaba ɗaya. Na masu sanda momen ne ya raba musu, ko sandar gora ce ko ta ƙarfe rabon ba zai canza ba. Namu kuwa miƙewar ƙarfe ce ta raba, kuma yanzu za ka ga yadda rabon ke juyewa in an taɓa kaurin rodin alhali lodin bai matsa ko ina ba.

Mai taurin kai shi ke ɗaukar kaya

In ka fahimci wannan sashen ba ka buƙatar haddace komai. Ka taɓa ganin ɗan acaɓa ya ɗaure kaya da robar tayar nan, sannan ya ƙara da igiya mai tauri a kai? In kayan ya zame kaɗan, igiyar ce ke ɗaukar kusan komai, don ita ɗan motsi kaɗan ya ishe ta ta ɗaure tamau, robar kuwa sai ta miƙe sosai kafin ta fara riƙewa da gaske. Motsin kayan ɗaya ne a wajensu su biyun, amma wanda ya fi tauri shi ya fi mayar da ƙarfi.

Haka AC da CB suke. Wurin C ɗaya ne, motsinsa ɗaya ne, kowane ɓangare kuma yana da taurinsa k = AE/L, wato ƙarfin da ake buƙata a motsa bakinsa da mm ɗaya. Na AC: 314 × 200,000 / 400 = 157,000 N/mm. Na CB rabin haka ne, 78,500, saboda ya ninka shi tsawo. Rabon lodin bin rabon taurin yake yi, biyu da ɗaya, 40 da 20. Kenan ba kusanci ne ya sa bangon A ya sha nauyi ba, gajarta ce ta sa AC ya yi tauri, taurin kuma ya jawo masa kaya.

Toh bari mu canza CB mu sa mai kauri mm 40, AC mu bar shi a 20 ɗinsa. Kauri ya ninka biyu, faɗin baki ya ninka huɗu, taurin CB ya tashi daga 78,500 zuwa 314,000 N/mm. Yanzu shi ya ninka AC. Sai rabon ya kife, bangon B da ke nesa ya ɗau kN 40, na A da ke kusa ya koma 20, zoben kuma motsinsa ya ragu zuwa 60,000/471,000, wajen mm 0.127. In ka shiga jarrabawa da Pb/L a ka aka ba ka rodi mai kauri biyu, ko rabi ƙarfe rabi alminiyam, toh ka faɗi, don a nan AE ba ya ficewa, kowane ɓangare da nasa. Alminiyam E ɗinsa wajen 70,000 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe, don haka ɓangaren alminiyam zai riƙa zillewa yana barin ƙarfe da aiki.

Wannan yana da amfani a wajen aiki ma ba a takarda kawai ba. Mutum zai ga wani ɓangare yana ba shi tsoro sai ya ce a ƙara masa kauri, bai san yana ƙara masa kaurin yana kira masa ƙarin lodi ba ne, kuma lodin nan a kan bango ko kusoshin da ke bayan wannan ɓangaren zai sauka, su kuma ba a ƙara musu komai ba.

Hanyar cire bango, da ramin da ke cikinta

Akwai wata hanyar da littattafai ke so, ni ma ita na fi amfani da ita in abin ya fara yawa. Ka yi kamar bangon B babu shi. Rodin ya zama mai sauƙi, duka kN 60 na kan AC, ya miƙe da 60,000/157,000 = 0.382 mm. CB ba ya jin komai, rakiya kawai ya yi, don haka bakin rodin na dama ya wuce inda bango yake da 0.382. Sai ka tambaya: wane ƙarfi ne bangon B zai tura da shi ya mayar da bakin nan wurinsa? Wannan ƙarfin shi ne R_B.

Ramin yana nan. R_B yana danne rodin ne gaba ɗayansa, duka mm 1200 har zuwa bangon A, ba 800 na CB kaɗai ba. R_B × 1200 / AE = 0.382, sai ya ba ka kN 20 kamar ɗazu. Wanda ya yi mantuwa ya sa 800 maimakon 1200, a lambobin nan namu kN 30 zai samu, ka ga abin haushin, sai ya duba ya ga 30 da 30 ya ce ai ga shi ma abokina ya faɗa. Kuskure biyu sun haɗu sun yi wa juna shaida.

Abin da takarda ba ta faɗa maka

Duk lissafin nan a kan motsin da bai kai rabin milimita ba yake tsaye, kuma nan ne hatsarin yake. A ce wanda ya yanka rodin ya rage shi kaɗan, tsakanin bakinsa da bangon B akwai ɗan gibi na mm 0.2, kaurin takardar fotokwafi biyu kenan. Da aka fara tura zoben, B bai san ana yi ba, AC ne kaɗai ke riƙe da komai har sai gibin ya rufe, kuma rufe shi na cin 0.2 × 157,000 = 31.4 kN. Abin da ya rage, 28.6, shi ne kaɗai za a raba biyu da ɗaya. B ya tashi da wajen 9.5, A kuma 50.5 maimakon 40. Da hanyar cire bango ma layi ɗaya ne, ka cire 0.2 daga 0.382 ka mayar da sauran. In kuwa gibin ya kai 0.382 ko ya wuce, bangon B ɗan kallo ne, A ya ɗauke 60 ɗin duka. Shi ya sa in tambaya ta zo da gibi abu na farko shi ne ka duba ko ma zai rufe, kar ka fara rubuta ikweshin biyu a kan bangon da rodi bai taɓa ba.

Na ga wannan da idona a wani ƙaramin wurin aiki ta wajen Kakuri shekarun baya. Rodi ne aka ratsa tsakanin fila biyu na kankare, da faranti da noti a kowane gefe, a jikinsa akwai inda wata na'ura ke tura shi in tana aiki. Aka kira ni wai farantin gefe ɗaya yana ta ɓaɓɓako kusoshinsa daga jikin kankare, an canza su an sa manya sun sake yi. Mai wurin ya dage kusoshin ne jabu. Ni da na je ban fara ta gefen da ya lalace ba, ɗaya gefen na nufa, wanda kowa ke cewa lafiyarsa lau, na sa yatsa na taɓa washar da ke bayan noti sai ga ta tana juyawa abinta. Fentin wurin ko tsagewa bai yi ba. Wato tun ranar da aka haɗa shi wannan gefen bai taɓa ɗaukar komai ba, lafiyar da ake gani ta rashin aiki ce, ɗan'uwansa ne ke ɗauke da kayan mutum biyu. Muka sa aka kashe na'urar, aka ɗaure notin ya zauna daram, aka ƙara na biyu a bayansa don kar jijjiga ta sake kwance shi, aka gyara kankaren da ya farfashe. Tun daga lokacin in na je duba irin wannan, gefen da ya fi kyau nake fara zargi.

Bangon da ba ya motsi ma a littafi yake. Filar kankare mai kauri ta kusa da hakan, amma bangon bulo inci shida in ka tokare shi da tan biyu, wanda kusan shi ne kN 20 ɗin nan, zai ja da baya ko ya tsage. In bangon B ya ja baya da mm 0.2 sakamakon daidai yake da gibin ɗazu, lodin ya gudu ya koma A. Lissafin bango mai tauri a irin wannan wurin yana nuna maka A na cikin sauƙi alhali ba haka ba ne, don haka a aikin gaske in ban yarda da gefe ɗaya ba nakan sa ɗayan ya iya ɗaukar P duka, in huta.

Sai zafi. Rodin da aka kafe ta gefe biyu ba shi da inda zai miƙe in ya ɗumama, sai ya koma tura bangon. Nauyin da ke fitowa σ = EαΔT ne, na ƙarfe α wajen 12 × 10⁻⁶ a kowane digiri, kenan 2.4 MPa duk digiri ɗaya, kuma tsawon rodin bai shiga ciki ba sam. A ce an yi waldarsa da sanyin safiyar hunturu, sai ga rana ta watan Maris ta dake shi ya ƙaru da digiri 25, wanda a Kaduna ba abin mamaki ba ne ga ƙarfen da ke waje. Ka samu 60 MPa, a rodinmu wajen kN 19 na danna, tun ba a sa lodi ba. Ka haɗa da na ɗazu, jan da ke AC ya sauka daga 40 zuwa wajen 21, dannar da ke CB ta hau daga 20 zuwa wajen 39. Masu walda a Panteka sun san wannan a hannu ko da ba su rubuta fomula ba, ka tambayi duk wanda ya taɓa walda ƙarfe tsakanin abu biyu masu tauri ya ji yadda yake ƙara ko ya tsage in ya huce.

Wannan dannar ta CB kuma ita ce inda lissafinmu ya tsaya. δ = FL/AE ɗauka yake rodin zai zauna a miƙe yana takurewa, amma siririn ƙarfe mai tsawo in an danne shi lanƙwashewa yake yi gefe tun bai kai 250 MPa ba. Rodi mm 20 mai tsawon 800, in bakinsa biyu suna iya juyawa, fomular Euler wajen kN 24 ta ba shi. Namu an kafe shi don haka zai fi haka jurewa, nawa ne daidai kuwa ya danganta da yadda aka riƙe bakin da kuma ko akwai abin da ya tare zoben C daga gocewa gefe, wannan lissafi ne daban da za ku tarar a gaba. Amma ka ga 20 da 39 ba su yi nisa da wannan yankin ba. In CB ya lanƙwashe taurinsa ya zube, sai lodin ya tattara ya koma kan AC.

A asainment ɗinka dai babu gibi babu zafi sai in an faɗa. Ka zana rodin, ka yanka shi sau biyu, sau ɗaya tsakanin A da C sau ɗaya tsakanin C da B, ka rubuta ƙarfin cikin kowane yanki da alamarsa, ja filos danna mainos, sannan ka ce jimlar canjin tsawo sifili ce. In lodin biyu ne a wurare daban yankan zai zama uku, amma abin da ba ka sani ba har yanzu ɗaya ne, tunda kana samun R_A sauran duk sun fito. Kuma ka mayar da komai N da mm tun daga layin farko, don E ɗin da aka ba ka a GPa in ka haɗa shi da kN da mita ba ka lura ba, zoben da ya motsa da 0.255 sai ka ga ya ba ka 255.